Saƙon Tsakar Dare da Kiran da Aka Rasa

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta ce wani da suka yi makaranta tare ya turo mata "slm" da ƙarfe 12 na dare, bai ƙara komai ba. Me za ta yi?

To, Malama, sallama ce ya taƙaita, tana da hakkin amsa, amma ba dole a daren ba. Idan kika amsa a lokacin, kin nuna masa ƙofarki a buɗe take a wannan sa'a, gobe ma zai dawo. Ki bari sai da safe ki rubuta: "Wa alaikumus salam, yanzu na ga saƙonka. Lafiya dai ko?" Mai buƙata zai faɗe ta nan take. Wanda ya sake turo "ya kike" kawai, hira yake nema, kina iya cewa "lafiya lau" ki tsaya nan.

Kiran da aka rasa kuwa, ki duba sau nawa ne. Ɗaya tak, saƙo da safe ya isa. Amma uku a jere cikin dare, ni dai ina ganin ki kira da zarar kin gani, domin rashin lafiya ko rasuwa ba sa jiran gari ya waye.