Tiyatar Cire 'Yan Wuya ga Yara

Iyaye, 'yan wuya tsoka biyu ne a gefen maƙogwaro, ba beli ba ne, kuma ba aikin wanzami ba ne. Likita kan ba da shawarar cire su idan sun kumbura da zazzaɓi sau 7 a shekara guda, ko sau 5 kowace shekara shekaru biyu a jere, ko idan yaro yana minshari har numfashi na ɗaukewa cikin barci.

A sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ake duba wannan. Ku sanar da likita idan yaron mai sikila ne ko jininsa ba ya saurin tsayawa. Kafin tiyatar za a hana shi abinci kamar awa 6, a yi masa allurar barci, a cire 'yan wuyan ta baki cikin kusan rabin awa.

Warkewa kan ɗauki mako biyu. Ku yawaita ba shi ruwa, da kunu mai ɗumi-ɗumi, da farasitamol kan ƙa'ida, ban da asfirin. Farin ɓawo a maƙogwaro da ciwon kunne ba abin tsoro ba ne. Amma idan kun ga jan jini daga baki, yawan haɗiya, ko ƙin shan ruwa, ku garzaya asibiti ko tsakar dare ne. Jinin kan ɓalle tsakanin kwana 5 zuwa 10.