Kuɗin fom ba shi ne kuɗin neman jami'a ba

Duk shekara idan Hukumar JAMB ta buɗe rajista, tambayar da iyaye suka fi yi ita ce: nawa ne fom? Su ji amsa, su biya, su ɗauka an gama. Bayan wata biyar sai ka tarar da uba yana cigiyar rance, saboda jami'a ta kira 'yarsa tantancewa jibi kuma babu kuɗin mota. Matsalar tana cikin lissafin farko, domin kuɗin fom ɗan ƙaramin kaso ne kawai a cikin abin da za a kashe.

Mu fara da kuɗin da hukuma ta yanke. A shekarar 2025, mai rajistar jarabawar JAMB ya biya naira 7,200, wanda yake son jarabawar gwaji kuma ya biya naira 8,700. A cikin wannan, ainihin kuɗin fom naira 3,500 ne, sauran na littafin da ake wajabta karantawa ne da ladan cibiyar kwamfuta da na banki. Jarabawar tantancewa da jami'o'i ke yi daga baya, gwamnatin tarayya ta ƙayyade kuɗinta kada ya wuce naira 2,000, ko da yake akan ɗora ɗan cajin biya ta intanet. Waɗannan alƙaluma suna canzawa, saboda haka a dubi sanarwar shekarar da ake ciki. Amfanin saninsu shi ne, idan wani mai shagon intanet ya ce a kawo dubu ashirin "a yi komai da komai", ka san inda za ka tsaya ka tambaye shi.

Sauran kuɗin ba a rubuta su a kowace sanarwa ba. Hanyar gano su ita ce ka ƙirga tafiye-tafiye, ka kuma ƙirga mutanen da za su yi kowace tafiya. Rajista ba a aike, dole yaro ya je cibiya da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Jarabawar gwaji tafiya ce, babbar jarabawa tafiya ce, ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin hukumar wata tafiyar ce. Wanda aka sa a rukunin farko na safiya ana son ganinsa a cibiya tun da sassafe, don haka idan garin da nisa, kwana ya kama shi. In kuma 'ya mace ce mai shekara goma sha bakwai, da wuya a bar ta ta tafi ita kaɗai, kuɗin mota da na abinci sun zama na mutum biyu ke nan.

Bari mu yi lissafi da misali. Farashin da zan sa ƙaddarawa ce kawai, kowa ya maye gurbinsa da abin da ya jiyo a tashar garinsu. Mu ɗauka yarinya ce a wani ƙaramin gari a Jigawa, tana neman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Kaso na farko takardu ne: rajista da gwaji 8,700, tantancewa 2,000, sai mu ware 10,000 don hotunan fasfo, buga takardar shiga jarabawa, katin duba sakamako, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Mu ce 21,000.

Kaso na biyu lesin ne. Wata uku a kan 10,000 duk wata ya kama 30,000. Abin da ake mantawa shi ne kuɗin zuwa: naira 500 a adaidaita sahu kullum, kwana sittin, wata 30,000 ce, daidai da kuɗin lesin ɗin kansa. A ƙara 5,000 na littafin tambayoyin baya da koyon taɓa kwamfuta. Ya zama 65,000.

Kaso na uku tafiye-tafiyen kusa ne. Zuwa cibiya sau huɗu a kan 3,000 zuwa da dawowa, 12,000. Ranar babbar jarabawa akwai ɗan rakiya da kwana ɗaya da abinci, mu ƙara 15,000. Ya zama 27,000.

Kaso na huɗu shi ne babbar tafiya, idan jami'a ta kira tantancewa a harabarta. Mutum biyu, 10,000 kowane a zuwa, haka a dawowa, 40,000. Masauki na kwana biyu 20,000, abinci da zirga-zirgar cikin gari 10,000. Ya zama 70,000.

Jimilla 183,000. A ɗora kashi ɗaya cikin biyar na ko-ta-kwana, domin kuɗin mota kan tashi, kuma akan ɗage jarabawa idan na'urori sun sami matsala, mutum ya sake kwana ko ya sake dawowa. Lissafi ya kai kusan 220,000. Kuɗin rajistar da kowa ke tambaya bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na wannan ba.

Wannan lissafi yana nuna inda za a iya ragewa. Babu ragi a kuɗin hukuma, amma akwai shi a tafiya da masauki da lesin. Wanda yake da ɗan'uwa a Samaru ko Sabon Gari ya sanar da shi tun da wuri, kuɗin masauki ya fita. Iyayen unguwa ɗaya za su iya haɗa 'ya'yansu da ɗan rakiya guda. A yi rajista da wuri, domin guraben garin da ya fi kusa kan cika, mai jinkiri ya ƙare da zaɓen gari mai nisa. Lesin kuma a auna shi da buƙata: yaron da lissafi ne kawai ke ba shi wahala ba sai an biya masa darussa huɗu ba. Amma wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, kada a yi masa rowar kuɗin gwaji.

Akwai kuma kuɗin da kuskure ke jawowa. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN, kuma suna da ranar haihuwar da ke kanta su ake ɗauka. Idan sun saɓa da na takardar sakandare, gyara yana cin kuɗi da tafiya da makonni, don haka a daidaita su kafin a buɗe rajista. Haka zaɓen kwas ba tare da duba darussan da yake buƙata ba: ƙarshensa biyan kuɗin canjin kwas ko canjin makaranta. Wanda kuma bai haɗa kiredit biyar har da Turanci da lissafi ba, a sa kuɗin sake jarabawar sakandare cikin lissafi tun yanzu. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai ƙara maki ko ya samo gurbi, a guje shi. Gurbi na gaskiya a shafin CAPS na hukumar yake fitowa, yaro ya gani da idonsa ya karɓa.

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. Kuɗin nan ba rana ɗaya ake neman su ba. Rajista da lesin sukan faɗo a farkon shekara, jarabawa wajen Afrilu, tantancewa kuwa sau da yawa da damina, daidai lokacin da manomi ya zuba abin hannunsa a taki da ƙwadago. Saboda haka a ware kuɗin babbar tafiya tun da kaka, a ajiye su daban. Kada a dogara da bashin karatu na NELFUND a wannan mataki, domin sai wanda ya riga ya sami gurbi yake iya nemansa. Kuma da zarar gurbi ya fito, kuɗin karɓarsa da na rajistar makaranta suna biyo baya nan take.

Tun ran gini ran zane. Kafin ka sayi fom, ɗauki takarda ka rubuta kason nan huɗu, ka je tasha ka tambayi kuɗin mota, ka sa wata a gaban kowane adadi. Idan jimillar ta fi ƙarfinka, gara ka sani tun yanzu ka zaɓa wa yaro jami'a mafi kusa, da ka sani ranar da aka kira shi.