Yadda ake gyara foligon kafin a ɗora taswira kan taswira

Idan ka haɗa iyakokin gonaki da taswirar ambaliya a QGIS, Intersection ya tsaya ya ce `has invalid geometry`, shawarar da za a fara ba ka ita ce ka yi Buffer na sifili, ko ka sa manhajar ta tsallake masu matsala. Kada ka karɓi ko ɗaya. Duka biyun suna kawar da jan rubutun, amma suna iya cin gonar mutum ba tare da ka sani ba. Ga yadda nake yi da iyakokin gonakin da aka ɗauko da GPS na waya.

Mataki na 1: ajiye kwafi. Ka fitar da shi a GeoPackage, kuma ka ba kowace gona lambar da ba za ta canza ba.

Mataki na 2: koma ma'aunin mita. Bayanan waya yawanci a EPSG:4326 suke zuwa, wato digiri. Digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, saboda haka 0.001 da kake gani ɗan mitsitsi ya kai mita 111 a ƙasa. Gonakin Kano su koma EPSG:32632, na Sakkwato 32631, na Maiduguri 32633, ta hanyar Reproject layer. Idan ɗaya taswirar tsohuwa ce mai ma'aunin Minna, ita ma ka juya ta, in ba haka ba iyakokin gaba ɗaya za su goce.

Mataki na 3: nemo ciwon kafin magani. Buɗe Check validity ka zaɓi GEOS, domin shi ne injin da zai yi haɗin daga baya. Zai ba ka abu uku: masu lafiya, marasa lafiya, da ɗigo a daidai inda matsalar take. Ɗigon nan shi ne abin dubawa. Ka ɗora shi kan hoton tauraron ɗan Adam, ka matso kusa, ka ga abin da ya faru da idonka. A PostGIS kuwa:

```sql
SELECT id, ST_IsValidReason(geom)
FROM gonaki WHERE NOT ST_IsValid(geom);
```

`Self-intersection` na nufin layin iyaka ya ƙetare kansa. `Ring Self-intersection` kuma layin ya taɓa kansa ne a ɗigo guda. Na biyun ya fi fitowa a fayilolin da suka zo daga ArcGIS, saboda ƙa'idar Esri ta amince da wannan siffa, ta OGC da GEOS ke bi ba ta amince ba. Gyaransa ba ya taɓa faɗin fili.

Mataki na 4: gyara layin da ya ƙetare kansa. A nan ake ɓarna, don haka bari mu ɗauki gona guda. Faɗinta mita 100, tsawonta mita 100, hekta ɗaya cif. Mai awo ya tsaya a kusurwoyi huɗun, amma ya sauya jerin biyu daga ciki:

```
POLYGON((0 0, 100 100, 100 0, 0 100, 0 0))
```

A allo za ka gan ta tsukakkiya a tsakiya kamar kalangu, layukan sun haɗu a 50 50. Idan ka nemi faɗinta, sifili za ka samu, domin lissafin yana ɗaukar ɓari ɗaya da ƙari, ɗayan da ragi, sai su cinye juna. Buffer na sifili zai riƙe ɓari ɗaya mai murabba'in mita 2,500 ya watsar da ɗayan, kuma ba zai ce maka uffan ba. Fix geometries, ko `ST_MakeValid`, zai riƙe duka biyun, jimla 5,000. Ya fi, amma gonar 10,000 ce. Manhajar ta sa siffar ta bi ƙa'ida ne kawai, ba ta san inda manomi ya kafa iyakarsa ba. Irin wannan da hannu ake gyara ta: ka buɗe Vertex Tool ka mayar da kusurwoyin a jere, ko a koma gona a sake awo.

To yaushe za a bar wa manhaja? Idan ƙetarewar ƴar ƙarama ce, irin ƙullin da ke fitowa sa'ad da mai awo ya tsaya gaisawa wayar tana ta zuba ɗigo a wuri ɗaya. Daga QGIS 3.28, Fix geometries yana da hanya biyu, Linework da Structure. Ga gonaki Structure nake zaɓa. Inda layi ya zagaya ya rufe wuri sau biyu, Linework yana iya mayar da wurin rami a tsakiyar gona, Structure kuwa cike shi yake yi. A PostGIS ana buƙatar 3.2 da GEOS 3.10 zuwa sama:

```sql
UPDATE gonaki SET geom = ST_Multi(ST_CollectionExtract(
  ST_MakeValid(geom, 'method=structure'), 3))
WHERE NOT ST_IsValid(geom);
```

Lambar 3 ɗin tana riƙe foligon kaɗai, ta zubar da guntun layi ko ɗigon da gyaran ya haifar. Bayan haka duk gonar da ta rabe biyu, ka duba ta ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na 5: ziri-zirin kan iyaka. Waɗannan Check validity ba ya ganinsu, domin kowace gona ita kaɗai lafiyarta ƙalau. Matsalar tsakanin maƙwabta take: an auna iyaka ɗaya sau biyu, sai layukan suka hau juna a nan, suka bar giɓi a can. Inda suka hau juna za a ƙirga fili sau biyu, inda giɓi yake kuma ba na kowa ba ne. Ka kunna Topology Checker da ƙa'idojin `must not overlap` da `must not have gaps`, sa'annan ka auna kaurin ziri da dama da Measure Line kafin ka sa kowace lamba.

Idan mafi yawansu ba su wuce rabin mita ba, ka ba Snap geometries to layer tazarar mita 1, ko `v.clean` na GRASS. Kada ka ɗaga ta zuwa mita 5 don wai kuskuren GPS na waya yakan kai haka. A gonakin rani akwai hanyar ruwa da burtali da ba su kai wannan faɗin ba, kuma giɓi ne na gaskiya da za ka rufe.

Zirin da ya saura, ka yi Union na leyar ita kaɗai domin kowane wurin da aka hau juna ya zama yanki mai zaman kansa. Kada ka zaɓe su da ƙanƙanta kawai. Ziri mai tsawon mita 200 da kaurin rabin mita murabba'in mita 100 ne, daidai da lambun da yake mita 10 kowane gefe. Sirantaka ce ke raba su:

```
area($geometry) < 150 AND
4*pi()*area($geometry)/perimeter($geometry)^2 < 0.05
```

A wannan awo zirin yana ba da kusan 0.008, lambun kuma 0.785. Ka lura Union yana fitar da kowane ziri sau biyu, ɗaya na kowace gona, don haka ka fara gudanar da Delete duplicate geometries. Daga nan ka zaɓe su, ka buɗe Eliminate selected polygons da zaɓin Largest Common Boundary, domin zirin ya shige cikin gonar da suka fi doguwar iyaka. Goge su da Delete giɓi yake bari.

Mataki na 6: sake dubawa. Manna layuka yana iya haifar da sabuwar ƙetarewa, musamman a ƙananan filaye, saboda haka Check validity ya sake zagayawa. Ita ma taswirar ambaliyar ta bi duk matakan nan. Sa'annan ka kwatanta da kwafin farko: yawan lambobin gonaki ya zama ɗaya, kuma duk gonar da faɗinta ya motsa fiye da kashi 1 ko 2 cikin 100 ka buɗe ta ka gani.

Sai yanzu za ka danna Intersection. Idan an gama, hektar da ruwa ya ci a kowace gona kada ta wuce faɗin gonar kanta. In ka ga wadda ta wuce, akwai sauran hawan juna a taswirar ambaliyar, ka koma mataki na 5 kafin ka miƙa wa kowa lissafin.