Auna Riƙon Masu Kallo Kafin da Bayan Sauya Kiɗan Ƙarƙashin Murya: Matsalar Jigo da Tsawon Shiri

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi hanyar kwatanta riƙon masu kallo a shirye-shiryen Hausa na YouTube kafin da bayan an sauya kiɗan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin muryar mai gabatarwa. An yi amfani da misali na lissafi domin a nuna cewa matsakaicin riƙo na tasha baki ɗaya yana iya hawa alhali sabon kiɗan ya rage riƙo a kowane rukunin shiri. Daga nan aka bayyana yadda ake daidaita jigo da tsawo, da kuma inda ƙarfin wannan daidaitawa ya tsaya.

1.0 Gabatarwa

Abin da ake nufi da riƙo a nan shi ne gwargwadon abin da mai kallo ya kalla na shiri kafin ya fice. Bai shafi riƙe darasi a ƙwaƙwalwa ba, duk da cewa an yi nazari a wannan ɓangaren ma: Salamé da Baddeley sun nuna a 1989 cewa kiɗa mai waƙa ya fi kiɗa zalla dagula tuna jerin abubuwa na ɗan gajeren lokaci. YouTube Studio yana ba mai tasha ma'aunai biyu da suka shafi wannan takarda. Na farko shi ne `Average view duration`, wato matsakaicin mintocin da aka kalla. Na biyu shi ne `Average percentage viewed`, wato matsakaicin kason shirin da aka kalla.

Manazarcin Hausa yana da dalili na musamman na kula da kiɗan ƙarƙashin murya. Karin sauti da tsawon wasali suna bambanta ma'ana a Hausa. Karin sauti ne ya raba kuka ta itace da kuka na hawaye, tsawon wasali kuma shi ya raba gari na zama da gari na tuwo. Saboda haka ba laifi a yi hasashen cewa kiɗan da ke gogayya da murya zai gajiyar da mai sauraro. Sai dai hasashe ne, kuma alƙaluman da ake kafa hujja da su a kansa suna da saurin yaudara.

2.0 Yadda Matsakaici ke Yaudara

A ƙaddara wata tasha tana koyar da adabi da tarihi. Alƙaluman da ke tafe an tsara su ne domin lissafi, ba daga wata tasha aka ɗauko su ba. Tashar tana da gajerun shirye-shirye na karin magana masu minti 5, da dogaye na tarihi masu minti 20. A da tana shimfiɗa kiɗan gurmi zalla, daga baya ta koma wani kiɗa mai amshin waƙa.

Kafin sauyin an saki shiri 30. Guda 10 gajeru ne, matsakaicin riƙonsu kashi 50 cikin ɗari, guda 20 kuma dogaye ne masu kashi 30. Matsakaicin duka ya zama 36.7. Bayan sauyin an sake sakin shiri 30, amma wannan karon gajeru 20 ne masu kashi 47, dogaye 10 masu kashi 28. Matsakaicin duka ya zama 40.7. Wanda ya tsaya a nan zai ce sabon kiɗa ya ƙara riƙo da ɗigo 4. Amma idan aka dubi kowane rukuni shi kaɗai, gajeru sun sauka da ɗigo 3, dogaye kuma da ɗigo 2. Babu rukunin da ya ci riba. Abin da ya ɗaga matsakaicin shi ne yawaitar gajerun shirye-shirye, waɗanda dama kasonsu ya fi girma ko da wane kiɗa aka saka. Masana ƙididdiga suna danganta irin wannan juyewar sakamako ga Edward Simpson, wanda ya yi bayaninta a 1951.

Abin lura shi ne ma'auni na farko zai ba da labari na daban daga waɗannan shirye-shirye. Rabin minti 5 minti biyu da rabi ne, kashi 30 na minti 20 kuwa minti 6 ne. Idan aka lissafa, matsakaicin mintocin kallo ya faɗi daga kusan 4.8 zuwa kusan 3.4. Mai son yabon sabon kiɗa sai ya ɗauki kaso, mai son kushe shi ya ɗauki mintoci, kuma dukansu biyu tsawon shiri suka auna. Don haka wajibi ne a zaɓi ma'auni a rubuta shi tun kafin a buɗe alƙaluma.

3.0 Daidaita Jigo da Tsawo

Hanya mafi sauƙi ita ce a kasa shirye-shirye rukuni-rukuni, kowane rukuni jigo ɗaya da tsawo makusanci, a yi kwatanci a cikin rukunin, sannan a haɗa sakamako da nauyi iri ɗaya ga lokutan biyu. A misalinmu, cikin shiri 60 rabi gajeru ne rabi dogaye. Idan aka ba kowane rukuni rabin nauyi, riƙon da ya zama 40, na bayan sauyi kuma 37.5. Bambancin da aka daidaita raguwa ce ta ɗigo 2.5, maimakon ƙarin ɗigo 4 da aka fara gani.

Mai karatu zai lura cewa a wannan tasha jigo da tsawo a ɗaure suke: duk karin magana gajere ne, duk tarihi dogo ne. Wannan yana hana a tantance ko jigo ne ke sa riƙo ya bambanta ko tsawo. Amma bai hana amsa tambayar kiɗa ba, tunda kwatanci a cikin rukuni ya tsayar da su biyun a lokaci guda. Matsala ta gaskiya ita ce rukunin da ya wanzu a lokaci ɗaya kawai. Idan bayan sauyin aka fara sabon shiri kan waƙoƙin baka, wanda ba a taɓa yi da tsohon kiɗa ba, babu abin da za a kwatanta shi da shi. A cire shi daga lissafi, a kuma faɗi cewa an cire shi.

Rarraba jigo aiki ne na manazarci, kuma a nan ne son zuciya ya fi samun ƙofa. Shiri kan kirarin sarakuna adabi ne ko tarihi? A rubuta ƙa'idar rarrabawa, mutum biyu su rarraba kowa shi kaɗai ba tare da sun ga riƙon shirye-shiryen ba, sannan a sasanta inda suka saɓa.

Idan tsawon ya bambanta sosai, daga minti 3 zuwa minti 40 misali, yanka shi gida biyu yana ɓoye bambanci mai yawa. A nan sai a saka tsawo a matsayin adadi cikin lissafin dangantaka. Ga yadda ake rubuta shi a R, inda kowane layi na bayanan shiri ɗaya ne:

```r
m <- lm(riko ~ kida + log(tsawo) + jigo, data = shiri)
coef(m)
confint(m)
```

An saka `log(tsawo)` ne saboda ƙarin minti 5 a kan shiri mai minti 5 ninki ne, a kan mai minti 30 kuwa ɗan ƙari ne. Adadin da ya fito a gaban `kida` shi ne bambancin riƙo tsakanin shirye-shirye masu jigo ɗaya da tsawo ɗaya.

4.0 Shin Ɗigo 2.5 Ya Isa Hujja?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ƙirga kallo a matsayin yawan samfur. Shiri mai kallo dubu hamsin shiri ɗaya ne, domin duk masu kallon sun ji kiɗa ɗaya a kan take ɗaya da mai gabatarwa ɗaya. Samfurinmu 60 ne. A ƙaddara shirye-shiryen rukuni ɗaya suna warwatsuwa da kimanin ɗigo 6 daga matsakaicinsu. Da shiri 10 a gefe guda da 20 a ɗaya gefen, kuskuren kiyasi a kowane rukuni ya kai kusan 2.3, idan aka haɗa rukunan biyu ya sauko zuwa kusan 1.6. Tazarar amincewa ta kashi 95 za ta faro daga raguwar ɗigo 5.8 zuwa ƙarin ɗigo 0.8. Sifili yana cikin wannan tazara. Abin da ya halatta a rubuta shi ne cewa iƙirarin ƙarin ɗigo 4 ya rushe, kuma alamu sun karkata ga raguwa, amma shiri 60 bai isa a yanke hukunci ba.

5.0 Abin da Daidaitawa Ba Ta Magancewa

Kwatancin kafin da bayan yana haɗa kiɗa da duk abin da ya sauya a lokacin. Tsofaffin shirye-shirye sun daɗe suna tara baƙi daga bincike da shawarar YouTube, sababbi kuwa galibi masu bin tashar ne suka fara kallonsu. Maganin wannan shi ne a ɗauki alƙaluman kowane shiri daga kwana 28 na farko bayan sakinsa, a kuma duba `Traffic source` don a ga ko hanyar shigowar masu kallo ta sauya. Yanayin shekara ma yana da tasiri. Idan sauyin ya faɗo a watan azumi, lokacin da tafsiri ke cika kafafen Hausa kuma sa'o'in kallo suke juyewa, da wuya a raba kiɗa da lokaci.

Akwai kuma dalilin da ya sa aka yi sauyin tun farko. Idan ƙorafin haƙƙin mallaka ne ya tilasta shi, lokacin sauyin bai dogara da riƙo ba, kuma wannan ya fi wa manazarci. Idan kuwa an sauya ne domin riƙo ya faɗi a makonnin baya, to mai yiwuwa ne ya farfaɗo da kansa, tunda adadin da ya kauce sosai yakan koma kusa da matsakaici. Sai a yaba wa kiɗa kan abin da bai yi ba.

Siffar zanen riƙo tana taimakawa wajen gane musabbabi. YouTube Studio yana nuna kason waɗanda suka rage bayan daƙiƙa 30 na farko. Idan duk faɗuwar a wannan wuri take, sai a tuhumi taken buɗe shiri, ko hoton bango da ya yi alkawarin abin da shirin bai bayar ba. Kiɗan da ke damun kunne a ƙarƙashin magana ya kamata ya bayyana a matsayin gangara mai ɗorewa har tsakiyar shiri. A kuma tabbatar ƙarfin sautin bai sauya ba, domin idan sabon kiɗan ya fi tsohon ƙara, ba a san ko nau'insa aka auna ko ƙararsa ba.

Manazarcin da ke da haɗin kan mai tasha yana da hanyar da ta fi duk waɗannan gyare-gyare. A tsara shirye-shirye biyu-biyu masu jigo ɗaya da tsawo makusanci, a jefa kwabo don zaɓen wanda zai ɗauki tsohon kiɗa da wanda zai ɗauki sabo, a sake su a mako ɗaya, a ci gaba da haka tsawon watanni. Ta haka azumi da hutun makaranta da sauyin masu kallo za su faɗa wa kiɗan biyu daidai. A ƙayyade yawan shirye-shiryen tun farko, kada a dakatar da gwajin ranar da alƙaluma suka yi daidai da abin da ake fata.