Tantance Sanarwar Rabon Taki Kafin a Watsa Ta

Idan sanarwar rabon taki a Kwaya ta iso gidan rediyo a Magariya ko Dungas, ya kamata ma'aikaci ya fara raba abin da aka yi da abin da ake niyyar yi, domin "an ware" na nufin an sanya kaya a lissafi kawai, alhali mai sauraro zai ɗauka buhuna sun isa hannun manoma. Haka nan "an amfanar da dubban manoma" iƙirari ne, wato magana marar shaida, har sai an ga takardar sunayen waɗanda suka karɓa, da yawan buhuna, da ranar rabo, kuma an tuntuɓi masu garuruwan da aka ambata. Jimlar da ta rasa wannan shaida a cire ta, ko a jingina ta ga wanda ya faɗe ta.