YUNWAR CIKI DA YUNWAR DAMUWA

Wata mata mai tuyar ƙosai ta ɗauki bashin wake. Mijinta ya tafi cin rani, wata uku ba saƙo. Da dare ba ta samun barci. Da rana kuwa, ko ta ci tuwo ta ƙoshi, sai ta ji ranta yana son fanke da alawa da shayi mai sukari da yawa. Tana ci, amma hankalinta bai kwanta ba. Mi ya kawo haka?

Abin da ke faruwa cikin jiki

Bisa kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka. Ita ce ke zuba wani sinadari cikin jini, sunansa kortizol. Yana yawa da safe don mutum ya tashi da ƙarfi, ya ragu da dare don a yi barci.

In tsoro ya zo farat ɗaya, kamar ganin maciji, yunwa gudu take yi. Amma in damuwa ta daɗe, kamar ta bashi, kortizol yana iya ƙin sauka yadda ya kamata. Sai mutum ya riƙa kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Rashin barci kuma yana ƙara kwaɗayin. In abin ya yi tsawo, kitse yana taruwa a ciki, sukarin jini yana hawa. Ba kowa ba ne haka: wasu damuwa hana su ci take yi.

Yadda ake gane su

Yunwar ciki tana zuwa sannu sannu, kowane abinci yana kashe ta. Yunwar damuwa tana zuwa nan take, abu ɗaya take so, kuma ko ciki ya cika ba ta ƙarewa.

Abin da matar ta yi

In kwaɗayi ya taso, sai ta sha ruwa moɗa guda, ta jira minti 10. Tana jan numfashi a hankali tana ƙirga 4, ta sake shi tana ƙirga 6, har sau 10. In bai wuce ba, sai ta tafi da ƙafa gidan ƙawarta su yi hira. Ta bar shayi da goro bayan la'asar, barci ya fara dawowa. Daga baya ta je wurin mai wake, suka shirya biya kaɗan kaɗan kowace ranar kasuwa. Nan ne tushen damuwar ya ragu.

A kula

Wannan darasi ba ya nufin a hana ciki haƙƙinsa. Yaro da mai ciki da mai shayarwa su ci su ƙoshi. Wanda yake yawan jin ƙishirwa da yawan fitsari, ko damuwa ta hana shi aiki, ya tafi likita a duba shi.

Tambayoyi

1. Daga ina kortizol yake fitowa?
2. Yaya ake gane yunwar damuwa?