An Cire Kuɗinsa, Na'ura Ta Ce DECLINED: Me Mai POS Zai Faɗa?

Tambaya: Ina sana'ar POS a Batsari. Ranar kasuwa wani dattijo ya zo cirar naira 40,000, saƙon banki ya shigo masa cewa an cire, ni kuwa takarda ta fito da DECLINED. Ya tara mini jama'a yana kirana ɓarawo. Yaya zan yi in haka ta sake faruwa?

Amsa: Ɗan'uwa, fara hana bakinka cewa "ba laifina ba ne, matsalar sabis ce." Gaskiya ce, amma a kunnen wanda aka kwashe wa kuɗin cefane ma'anarta ita ce ka wanke hannunka. Mutumin Batsari ko Safana ya san bin sawun kuɗi a banki na iya kai shi Katsina ko Dutsin-Ma, ga kuɗin mota, ga fargabar hanya. Yawancin faɗan nan tsoro ne.

Bar shi ya gama magana, ka ba shi wurin zama, ka karɓi wayarsa ka karanta saƙon da kanka. Sannan ka ce: "Baba, na gani, lallai an cire maka dubu arba'in kuma ban ba ka ko sisi ba. Dole ranka ya ɓaci. Bari mu duba inda kuɗin suka maƙale." Ka amsa cewa akwai matsala ke nan, ba tare da ka ɗauki bashin da ba ka ci ba.

Daga nan buɗe tarihin cinikinka a gabansa, da shaida guda cikin maƙwabtanka. In kuɗin sun shigo asusunka, ƙirga masa nan take. In ba su shigo ba, kada ka biya daga aljihunka, kuma kada ka sake saka katin, don ana iya cire masa sau biyu.

Abin da ya fi kwantar da rai shi ne a ji me zai biyo baya, da ranarsa. Ba shi takardar, ka nuna masa lambar RRN da ke jikinta, kai ma ka ɗauki hotonta, domin rubutun irin wannan takarda yana gogewa da zafi. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ce a warware irin wannan cikin awa 72. Don haka ka ce: "Sau da yawa suna dawowa da kansu. Gobe bayan Azahar zan kira ka. In kwana uku suka cika shiru, bankinka ne zai mayar, zan rubuta maka abin da za ka gaya musu." In bankin ya yi mako 2 bai warware ba, ana kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Kada ka rantse cewa za su dawo kafin Magariba, tunda ba a hannunka suke ba. Kiran da ka yi alkawari kuwa ka yi shi a kan lokaci, ko da labarin da za ka ba shi shi ne har yanzu ba su dawo ba.